Wasiƙar Rashida da Kujerun Makoki

Rashidatu ƙanwata ce, ita ke bi na. Gidanmu yana unguwar Maamobi, can ƙasan layi inda mota ba ta shiga sai aboboya, babur ɗin nan mai ƙafa uku da bodin kaya a baya. Ni nake tuƙa namu. Mahaifiyarmu, wadda unguwa ke kira Mma Fulera mai kujeru, hayar kujerun roba da rumfuna take bayarwa: aure, suna, addu'a, makoki. Ta fara ne da 'yan kujeru kaɗan bayan rasuwar babanmu Osumanu, wanda ya yi rayuwarsa yana sayar da albasa a kasuwar Agbogbloshie. Yanzu sun kai ɗari uku, suna jere a wani shago kusa da gida.

Tun tana ƙarama Rashida ba ta iya ganin kujeru a hargitse. Ta dawo daga makarantar allo, ko jaka ba ta ajiye ba, sai ta shiga shago ta ware farare daga shuɗɗa, masu hannu daga marasa hannu, masu tsagewa ta kai lungu. Mma takan ce wannan yarinya ko tuwo aka ba ta sai ta jera lomomin kafin ta ci. Ni na tsaya a ƙaramar sakandare na kama aboboya. Ita ta wuce har jami'a, ta karanta kwamfuta da wata tsohuwar laptop da muka sayo a kasuwar Circle, wadda ba ta aiki sai an bar ta a jone da wuta.

A shekararta ta ƙarshe ta rubuta wa Mma manhajar ajiyar kujeru. Da yaren kwamfuta na Java ta yi ta, kuma ta zaunar da ni ta yi mini bayani har na gane gwargwadon hali. Abin da nake gani a wayata fuska ce kawai. Ainihin aikin yana can baya, a wata saba, wato babbar kwamfuta da take haya a intanet: nan ne ake riƙe yawan kujeru, da ranaku, da sunan wanda ya kama. In ni da ita muka shigar da buƙata a lokaci guda, sai manhajar ta kulle lissafin wannan ranar, ta gama da ɗaya kafin ta saurari ɗayan, don kada a ba mutum biyu kujera ɗaya. Wannan ɓangaren da ba a gani shi suke kira backend, kuma shi Rashida take so. Ta ce ita ba ruwanta da kalar maɓalli.

Manhajar ta yi mana amfani, ba zan ɓoye ba. Da can sai Asabar ta yi ka ga gidan suna da gidan aure suna jayayya a ƙofar shago, kowa ya ce shi Mma ta yi wa alkawari. Wannan ya ƙare. Mma ba ta taɓa wayar da hannunta, amma ta bar ni ina shigarwa, kuma ba ta amsa wa kowa sai ta ce, “Awudu, duba mana abin Rashida.”

Sai ranar da Baba Imurana ya rasu. Tsoho ne mai gyaran rediyo a bakin layinmu, shi ya raka gawar babanmu har makwanci. Safiyar Lahadi ce aka sanar a masallaci bayan Asuba, kuma kowa ya san kafin La'asar za a kai shi. Ranar kuwa duk kujerunmu an kama su don auren 'yar Hajiya Abibatu a unguwar Nima. Na buɗe waya na shigar da kujeru ɗari don gidan rasuwa. Ta ce babu. Na rage zuwa hamsin, ta ce babu. Na kira Rashida a makaranta, ta ce ai manhajar daidai ta yi, an kama su na yini duka, haka aka gina ta, ba ta da hanyar tsallakewa.

Mma na tsaye da mayafinta tana jin mu. Ba ta ɗaga murya ba.

“Loda ɗari ka kai gidan Baba,” ta ce. “Ni zan kira Abibatu. Aurensu sai yamma ake cika, kuma ita ma ba za ta so a ce an zauna a ƙasa a gidan rasuwa saboda bikinta ba.” Sai ta dubi wayar da ke hannuna, Rashida tana kan layi har lokacin. “Abin da bai san ana mutuwa ba, ba zai riƙe mini kujeru ba.”

Haka aka yi. Bayan an dawo daga maƙabarta na kwashe mafi yawa na kai Nima, na bar kaɗan ga masu zaman ta'aziyya, kuma ba wanda ya rasa wurin zama a ko'ina. Amma daga ranar Mma ba ta ƙara cewa in duba abin Rashida ba. Ta koma riƙe komai a kanta da kiran waya. Rashida ta ji wannan maganar da kunnenta. Su biyun halinsu ɗaya: suna girki tare, suna dariya, suna tsefe wa juna kai, amma kujeru ba sa shiga hirarsu.

Ta gama jami'a, ta yi shekarar hidimar ƙasa a wani ofis inda aikinta bai wuce gyaran firinta ba, sannan ta dawo gida ta shiga neman aiki. Ta aika takardu wurare da dama. Wasu sun amsa da haƙuri, mafi yawa shiru.

Wata rana da hantsi ta same ni a shago ina wanke kujeru. Ta jawo ɗaya ta zauna, laptop a cinya, ta miƙo mini wayar cajin in jona mata.

“Bra Awudu, ara mini kunnenka.” Bra take kirana, wato yaya.

“Ai kullum a wurinki yake. Yaushe za ki dawo mini da shi?”

“Idan na samu aiki zan sayo maka sabo a Circle.”

Wani ƙaramin kamfani ne a unguwar Dzorwulu, masu yi wa masu motocin kaya manhajar tsara tafiye-tafiye. Suna neman sabon hannu a backend, wanda ya iya Java. Sun ce a turo CV da wasiƙar da ke gabatar da shi, shafi ɗaya, kafin Jumma'a. A ƙasan sanarwar sun ƙara cewa za su fi duba wanda ya taɓa gina abin da mutane na gaske ke amfani da shi. Rashida ta ce tun da ta fara nema ba ta ga gurbin da ya dace da ita kamar wannan ba: raba motoci da ranaku, ai ɗan'uwan raba kujeru da ranaku ne.

Ta karanta mini wasiƙar, da Turanci. Ta faɗi gurbin da take nema da inda ta ga sanarwar, ta faɗi digirinta. Sai ta ambaci ayyuka biyu. Na farko manhajar ɗakin karatu da suka yi a aji, Java da MySQL. Na biyu na kujeru, wanda ta gina da Spring Boot da PostgreSQL, ta sa adireshin GitHub inda za su ga rubutun aikin da idonsu. Daga nan sai layin da ta fi sassauta murya a kansa: manhajar tana aiki a halin yanzu a wata sana'ar haya a Maamobi. Ta rufe da cewa ita mai ƙwazo ce, mai saurin koyo, mai son aiki da jama'a.

“Yaya ka ji ta?”

Na ci gaba da goge ƙafar kujera. Na ce Turancin ya yi daɗi.

“Amma?”

“A wace sana'ar haya ce take aiki a Maamobi? Ko akwai wata da ban sani ba?”

Ta rufe laptop ɗin rabi. “Tana nan a kunne. Sabar ba ta taɓa mutuwa ba. Ka buɗe wayarka yanzu za ka shiga.”

“Na sani. Aboboyata ma in na bar ta a kunne a ƙofar gida, injin na kuka.”

“Kai dai ka iya tsokana a hankali, kamar ba kai ba.” Ta yi ɗan murmushi, sannan ya ɓace. “In na cire layin nan me ya rage? Ɗakin karatu. Duk ajinmu kowa yana da ɗakin karatu. Mutumin da zai karanta wasiƙun nan zai ga ɗakin karatu har ya ji barci. Wannan layin ne kawai ya raba ni da su.”

“In suka ce su kira mai sana'ar fa?”

Mu biyun mun san abin da Mma za ta faɗa, da Hausa kuma, ko sun ji ko ba su ji ba.

Can ta ce, “Na gyara ta fa.”

Na ajiye tsumman. Ban taɓa ji ba.

“Tun ina hidimar ƙasa. Ranakun hutu nake yi.”

Na ce ta gaya mini, sai ta buɗe laptop ɗin ta fara. Kuskuren farko, in ji ta, ta ɗauki yini a matsayin abu guda, alhali gidan rasuwa ya fi buƙatar kujeru da safe zuwa a dawo daga maƙabarta, aure kuma da yamma. Ta mai da ajiyar ta koma ta sa'o'i, har da lokacin lodi da tafiyar aboboya a tsakani. Na biyu, ta ɗauka kowace buƙata daidai take da 'yar'uwarta, wanda ya riga shi ya samu. Yanzu ta ƙara nau'i na daban don rasuwa, wanda ba ya jiran layi. Yakan fara ɗauka daga wasu kujeru da ake warewa ba a bayar da su ga biki. In ba su isa ba, sai ya nuna bukukuwan da za a iya ara daga gare su da sa'o'in da za a ara, amma ba ya taɓa ko ɗaya sai mai shago ta amince. Kullen nan na hana ba mutum biyu kujera ɗaya yana nan, ba ta cire shi ba. Ta kuma rubuta gwaje-gwaje da JUnit, ƙananan tambayoyi da manhajar ke amsawa duk lokacin da aka canza wani abu. Ɗaya daga ciki ranar Baba Imurana ce sak: an kama komai, sai rasuwa ta shigo da asuba.

Ta daɗe tana magana, hannunta na yawo a iska. Mai koko ta wuce, na tsayar da ita na karɓo mana, Rashida ba ta ma lura ba sai da na sa mata leda a hannu.

“To ka yi shiru,” ta ce.

“Ina tunani ne. Wasiƙar da kika karanta, ban ga ke a ciki ba. Mai ƙwazo, mai saurin koyo, wannan ai ko ni zan iya cewa. Amma wannan da kika faɗa yanzu, na gane shi tun daga farko har ƙarshe.”

“In rubuta musu cewa abin da na gina ya gaza? A wasiƙar neman aiki? Bra, ana tallan kaya ne da nuna inda ya tsage?”

“Ban sani ba. Ni ban taɓa rubuta irinta ba.”

Ta sha kokonta ta tafi. Washegari ban gan ta sosai ba. Ranar Alhamis da la'asar ta jawo wayar caji ta fito da laptop tsakar gida, inda Mma ke zaune tana tsince shinkafar waakye, wato shinkafa da wake. Ta yafito ni da ido, na zo na zauna a bakin ƙofa. Ta durƙusa kusa da tiren.

“Mma, ina neman izini. Akwai abin da na rubuta a takardar neman aiki, kuma ya shafi shagonki da ranar rasuwar Baba. Ban sa sunan kowa ba. Amma ba zan aika ba sai kin ji.”

“Karanta.”

Ta karanta tana mayarwa da Hausa. Sakin layi ɗaya ne. Ta ce ta gina manhajar ajiya don sana'ar mahaifiyarta, an yi amfani da ita watanni, ta kawar da matsalar ba mutum biyu kaya ɗaya. Sannan ta gaza a ranar wata rasuwa, domin a al'ummarmu ana binne mamaci a ranar da ya rasu kuma shi ake fara ba kujeru, ita kuwa ba ta sa wannan a tsarin ba. Mai sana'ar ta daina amfani da ita. Ta faɗi abin da ta canza da gwaje-gwajen da ta rubuta, ta nuna inda za su gani a GitHub. Ta rufe da cewa manhajar tana kunne amma ba a koma amfani da ita ba tukuna, kuma abin da ta koya shi ne ta zauna da mai aiki ta tambayi ranar da ba ta zo daidai ba kafin ta rubuta komai.

Mma ta ci gaba da tsintar shinkafa.

“Kin gyara shi?”

“Na gyara, Mma.”

“Tun yaushe?”

“Ya daɗe.”

“Shi ne sai a takardar baƙi zan ji? Mutanen Dzorwulu sun kusa riga ni sani.”

Rashida ta sunkuyar da kai. “Kin ce ba zai riƙe miki kujeru ba.”

“Na ce. Gawa ce a gabana, me kike so in ce, sannu da ƙoƙari?” Ta jefar da wata tsakuwa. “To in rasuwa biyu ce rana ɗaya fa?”

“Zai nuna miki duka biyun da abin da ke akwai. Ke za ki raba.”

“In mai biki ta ce ba ta yarda ba?”

“Ke za ki kira ta. Shi ba ya ɗaukar na kowa sai kin ce to.”

“Ashe ya koyi ladabi.” Ta kalle ni. “Kai kuma ka zauna kamar kujerar da ba a haya. Ka san da wannan?”

“Shekaranjiya na ji, Mma.”

Na ga abin da ke bakin Rashida kafin ta faɗa. In Mma ta ce a koma amfani da shi yau, gobe za ta iya mai da tsohon layinta, ba ƙarya. Ta buɗe baki, ta dubi allon, sannan ta haɗiye maganar. Mma ma ta gani, ina jin, don ta ɗan jira.

“Aika yadda yake,” Mma ta ce. “Sai dai wurin da kika ce mai sana'a ta daina, kada su ɗauka wata mai taurin kai ce.”

“Ai ita ce, Mma.”

“Tashi daga gabana kafin in jefe ki da tire.”

Ta aika da safiyar Jumma'a, ta cire mai ƙwazo da mai saurin koyo don wasiƙar ta tsaya a shafi ɗaya. Ɗakin karatu ya samu layi guda.

An kwana biyu ba labari. Ta ci gaba da duba wasu sanarwoyin, ni na ci gaba da lodi. Sai ga saƙo sun kira ta ganawa. Na kai ta bakin titi ta hau trotro, motar haya, da baƙin takalmin da ta yi bikin gama makaranta da shi.

Da ta dawo ta same ni a shago, ta cire takalmin ta ɗora ƙafa a kan kujera. Ta ce mutum biyu ne suka gana da ita, kuma babban ya buɗe rubutun aikinta a allo tun kafin ta shigo. Sun tambaye ta dalilin da ya sa ta zaɓi kulle lissafin maimakon ta bari a gwada a sake, da abin da zai faru in saba ta mutu ana tsakiyar ajiya. Ta amsa. Wata tambaya a kan yadda za ta yi in masu amfani sun yi yawa ƙwarai ta ce ba ta sani ba, suka ce ba laifi. Amma inda suka fi daɗewa sakin layin nan ne. Babban ya ce a garinsu sai a yi makonni ana shirin jana'iza, har a buga katin gayyata, don haka da shi ya gina ta, da irin kuskuren zai yi. Ya ce su ma suna da nasu: mota ta lalace a hanya da kayan da ba sa jira, dole a karɓo wata daga wanda ya riga ya kama.

“Sai ya ce, mahaifiyar taki ta koma amfani da ita?”

“Kika ce me?”

“Na ce har yanzu tana nazari.”

Sun ba ta wani ɗan aiki ta yi a gida, ta yi ta mayar. Bayan nan suka ɗauke ta, da sharaɗin watannin gwaji. Yanzu da sassafe take fita, da sabuwar laptop ta ofis a jaka. Tsohuwar tana shago a jone da wuta. Kunnen da ta yi mini alkawari har yau ban gani ba, ta ce a Circle babu mai girman nawa.

Mma ba ta taɓa cewa ta koma ba. Wata Asabar dai wata mata ta zo neman kujerun suna, sai na ji Mma ta ce, “Awudu, duba mana.” Na duba. Tun daga nan aure da suna da addu'a duk ta manhajar suke bi. Rasuwa kuwa, in aka sanar a masallaci, ba ta jiran kowa. Takan yafa mayafi ta ce in loda in biyo ta. Sai mun sauke a ƙofar gidan, ta yi ta'aziyya ta fito, sannan ta ce in gaya wa abin Rashida inda kujerun suke.